Ina Jidda, filina yana Kano: ƙanena ya turo min takardar wakilci in sa hannu

Abban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema kafin in yi abin da zan zo ina cizon yatsa. Shekarata 9 a Jidda, kuma ina da fili a Kano, wajen Rijiyar Zaki, ƙafa 50 a 100, da shaidar mallaka ta gwamnati da sunana. An samu mai saye a kan naira miliyan 18, ni kuma ba zan samu hutu ba sai bayan aikin hajji. Ƙanena ya je wani shagon buga takardu an rubuta masa fawa of atoni, wato takardar wakilci, shafi 2, ya turo min ta waya, wai in buga, in sa hannu, in ɗauki hoto in mayar masa, shi ke nan. Turancina bai kai ya kawo ba, amma wani abokin aikina ɗan Ghana ya karanta min, ya ce takardar ba fili kaɗai ta ambata ba, ta ce dukiyata duka a Najeriya, kuma ba zan iya soke ta ba. Ƙanena ba macuci ba ne, ni na riƙe shi tun rasuwar mahaifinmu. Amma gabana ya faɗi. Yaya ake yin abin nan a kan ƙa'ida?

Sarkin Dillalan Gwale:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka ɗaga hankalinka, haka ake yi kullum. Shekarata 20 a harkar filaye, rabin cinikin da na gani da fawa of atoni aka yi shi. Ai ita ce takardar ciniki yanzu. Ka sa hannu kawai, mai saye ya biya, a ba shi ita da si of o, shaidar mallakar nan, an wuce wurin.

Maman Ilham:
Kar ka sa hannu, Abban Khalifa. Don Allah kar ka sa. Bari Barista ya zo.

Barista Na-Kabuga:
Wa alaikumus salam. Abban Khalifa, abokin aikin naka ya yi maka rana. Kar ka sa hannu a wannan, ba don ana zargin ƙanenka ba, don takardar ce ba ta dace da buƙatarka ba. Masu shagunan nan suna da samfuri ɗaya a kwamfuta, suna sauya suna ne kawai. Wanda ya zo neman a karɓar masa haya da wanda ya zo sayar da gida duk riga ɗaya ake ɗinka musu.

Ka ɗauki takardar wakilci kamar aike. Idan ka aiki yaro kasuwa ka ce ya sayo tumatir, ba ka ba shi mukullin ɗakinka ba. Duk abin da aka rubuta a cikinta wakili zai iya yi da sunanka, kuma ya hau kanka tamkar kai ka yi da hannunka. Abin da ba a rubuta ba kuwa, ba shi da hurumin yi, kotu ma a ƙuntace take karanta irin waɗannan takardu. Wanda aka ce ya kula da gida ya karɓi haya, ba shi da ikon sayarwa ko jinginarwa a banki. To taka an buɗe ta ne warwar, dukiyarka duka. Idan kana da wani fili, ko kaso a gidan gado, ko mota, duk sun shiga. Ko da ƙanenka waliyyi ne, takarda tana iya faɗawa hannun wani, ko a matsa masa lamba.

Sai maganar Sarkin Dillalai. Yallaɓai, da girmamawa, a nan mun raba hanya. Kotun Ƙoli ta faɗa tun 1993 a shari'ar Ude da Nwara cewa takardar wakilci ba ta mayar da mallakar fili daga hannun wani zuwa wani. Izini ne kawai a yi aiki a madadin mai shi. Mallaka tana tashi ne idan wakilin ya yi amfani da izinin ya sa hannu a takardar sallama hakki, wadda muke kira did of asaimen, aka kuma samu amincewar gwamna kamar yadda sashe na 22 na Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ya tanada.

Sarkin Dillalan Gwale:
Barista, ku lauyoyi littafi kuke karantawa, mu kuma muna ƙasa. In ba ta mayar da mallaka, me ya sa rabin Abuja da ita aka saya? Mutane sun gina, sun tare, 'ya'yansu sun yi aure a ciki.

Barista Na-Kabuga:
Ba ƙarya ka faɗa ba, ana yi. Dalilin kuwa sananne ne, gudun kuɗin neman amincewar gwamna ko minista da jiran da ke cikinsa. Sai mai fili ya naɗa mai saye a matsayin wakilinsa wanda ba a tuɓewa, a rubuta cewa ya karɓi kuɗi. Akwai ma hukuncin Kotun Ƙoli na 2017, Ibrahim da Obaje, kan wani fili a Abuja, wanda masu wannan ra'ayi suke kafa hujja da shi, don a can kotu ta tsaya wa wanda ya saya da irin wannan takarda. Lauyoyi har yau suna ja-in-ja kan iyakar wannan hukuncin. Ni dai ba zan bar wanda nake wa aiki ya zuba miliyan 18 ya tsaya a kan takardar wakilci kaɗai ba, don a rajistar gwamnati sunan tsohon mai fili ne yake nan daram.

Amma lura, abu biyu kake haɗawa. Abban Khalifa ba mai saye zai naɗa ba, ƙanensa zai naɗa ya sayar. Ƙanen bai biya ko sisi ba, to don me za a ce ba za a iya tuɓe shi ba? Samfurin cinikin Abuja aka ɗauko aka liƙa wa aiken gida.

Maman Ilham:
Bari in ba ku nawa. Mijina yana Dubai lokacin, ya bar wa yayansa irin wannan buɗaɗɗiyar takarda don ya bi masa maganar wani shago da ake rigima a kai. Rigima ta ƙare, kowa ya manta da takarda. Bayan shekara 3 muka dawo, muka je duba wani kango namu da muka kai linta, sai muka tarar an yi rufi, an shafa fenti ruwan ƙasa, ga wata mata tana shanya a tsakar gida. Ta shiga ɗaki ta ɗauko mana takardu cikin leda, ga sa hannun yayan, ga kwafin wakilcin da mijina ya ba shi. Lauya ya duba ya ce cinikin ya zauna, sai dai mu bi yayan kuɗin. Wa zai kai yayansa kotu, ga tsohuwa da ranta? Har yau dai ana gaisawa a wajen suna da biki, shi ke nan.

Abban Khalifa:
Innalillahi. Allah ya mayar muku da alheri Maman Ilham. Barista, to ni yanzu ta ina zan fara?

Barista Na-Kabuga:
Daga gida za ka fara, ba daga Jidda ba. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani. Mutum ya rubuta takarda a waje, ya kashe kuɗi an buga mata tambari, ta iso gida, ofishin da za a kai ta ya ce ba haka suke so ba. Ka sa lauya a Kano ya rubuta, naka ba na mai saye ba, ya kuma leƙa KANGIS, hukumar rajistar filaye ta Kano, ya ji abin da suke buƙata a yanzu kafin su yi mata rajista. Ya tura wa lauyan mai saye daftarin ya gani. Sai kowa ya ce ya yarda kafin ka taɓa biro.

Abin da zan sa a ciki da ni ne: cikakken sunanka daidai yadda yake a shaidar mallaka, da lambar fasfo, da sunan ƙanenka da adireshinsa. Sai fili ɗaya tak, da lambar fuloti da lambar shaidar mallaka da unguwa, yadda ba za a ce wani ake nufi ba. Sai ayyukan da zai yi, a jera su ɗaya ɗaya: ya sa hannu a yarjejeniyar ciniki, ya sa hannu a takardar sallama hakki, ya nemi amincewar gwamna, ya biya kuɗaɗen hukuma, ya miƙa takardun asali. Kar a manta da neman amincewar nan, don da sunan mai sayarwa ake nema, in ba a rubuta ba sai an sake dawowa kanka.

Sannan abin da zai kwantar maka da hankali. A rubuta cewa ba za a sayar ƙasa da miliyan 18 ba. A rubuta cewa kuɗin asusunka na banki zai shiga kai tsaye, a sa lambar asusun, kuma ba a miƙa shaidar mallaka sai kuɗi ya sauka. A rubuta cewa ba zai jinginar ba, ba zai yi kyauta ba, ba zai sayar wa kansa ba, ba kuma zai naɗa wani wakilin a madadinsa ba. A sa wa'adi.

Abu ɗaya na fasaha: tunda ƙanenka zai sa hannu a takarda mai hatimi, dole ita ma takardar wakilcin a yi ta a matsayin mai hatimi. Wasiƙa ta fatar baki, ko ta "ni wane na wakilta wane", ba ta isa a sa hannu a did ba. Lauyanka ya san wannan.

Malam Habu Mai Almajirai:
Assalamu alaikum. Ina bibiya, kuma abin da Barista ya jero bai saɓa wa abin da muka karanta a babin wakala ba. Wakilci halal ne, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba Urwatul Bariƙi dinari ɗaya ya sayo masa akuya, ya sayo biyu, ya sayar da ɗaya a kan dinari, ya dawo da akuya da dinari, aka yi masa addu'ar albarka. Malamanmu na Malikiyya sun raba wakili gida biyu, akwai wanda aka sakar wa komai, akwai wanda aka keɓe wa abu guda. Wakili amintacce ne, in dukiya ta salwanta a hannunsa ba da sakacinsa ba, ba ya biya. In kuwa ya ƙetare abin da aka iyakance masa, ya zama mai ta'addi, lamuni ya hau kansa. Kuma ba ya sayar wa kansa abin da aka ba shi ya sayar sai da izinin mai shi. Ni abin da zan ƙara, Alhaji, rubuta sharaɗi ba rashin yarda ba ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka.

Abban Khalifa:
Allah ya gafarta Malam, wannan ita ce damuwata ta gaske. Yadda zan ce wa yaron nan a sake takarda ba tare da ya ji na zarge shi ba.

Malam Habu Mai Almajirai:
Ka ce masa kariya ce gare shi, kuma gaskiya ka faɗa. Gobe in wani a dangi ya ce ya ci kuɗin fili, ga takarda ta nuna kuɗin bai ma bi ta hannunsa ba.

Injiniya Riyad:
Ni ina ganin ana wahalar da abu mai sauƙi. Tunda kana da iƙama, ka shiga Najiz, shafin ma'aikatar shari'a ta Saudiyya, ka fitar da wakala ta intanet, minti 10 an gama. Na yi wa matata da ita a nan, ba inda na je.

Barista Na-Kabuga:
Injiniya, a nan ɗin ka yi amfani da ita, shi ya sa ta yi aiki. Wakalar Najiz an gina ta ne don hukumomin Saudiyya, su za su shiga na'ura su tabbatar. Ma'aikacin ofishin ƙasa a Kano ba shi da wannan hanya. Ga ta da Larabci, sai an fassara, sai an bi ta ma'aikatar harkokin wajen Saudiyya da ofishin jakadancinmu an tabbatar, kuma bayan duk wannan zaɓaɓɓun jimloli ne a cikinta, da wuya su ɗauki lambar fuloti da sharuɗɗan da na lissafa yadda ake so a gida.

Injiniya Riyad:
To ai Saudiyya ta shiga yarjejeniyar afostil, tambarin da ke sa wata ƙasa ta karɓi takardar wata, tun 2022. Tambari ɗaya ya wadatar.

Barista Na-Kabuga:
Ta shiga, haka ne. Amma yarjejeniyar Heg ta 1961, wadda ta kawo afostil ɗin, tana aiki ne tsakanin ƙasashen da duk suka shiga, Najeriya kuwa ba ta ciki. Don haka afostil shi kaɗai ba ya ɗaure wata hukuma a gida ta karɓa.

Ga hanyar da ta fi gajarta ga mutumin Jidda. Sashe na 150 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce idan an sa hannu a takardar wakilci a gaban notari, wato mai lasisin tabbatar da sa hannu, ko kotu, ko alƙali, ko majistare, ko ƙaramin jakada ko wakilin Najeriya, kuma ya tabbatar da ita, kotu za ta ɗauka cewa an yi ta daidai, sai wanda ya musa ya kawo hujja. Kana da ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya a Jidda, na Riyad kuma yana da babban ofishi. Lauya ya turo maka daftarin, ka buga a takarda mai kyau kwafi 3 ko 4, ka kira ofishin ka ji ranar da suke yi da kuɗinsu da abin da za ka riƙo. Ka tafi da fasfo da iƙama da hotunan fasfo da kwafin shaidar mallaka, da mutum biyu masu katin shaida ko za a nemi shaidu.

Kar ka sa hannu a gida. Duk amfanin zuwan shi ne jami'in ya ga fuskarka, ya ga fasfo, ya ga hannunka yana rubutawa. In ka je da ita a sanye, ka ɓata kwafin. Ka kuma sa hannu a ƙasan kowane shafi, don kar a zare na tsakiya a sauya.

Hajiya Manchesta:
Na yi wannan a bara don gidanmu na Kaduna, ta hanya mai tsawo. Na je wajen notari a nan garinmu, ya duba fasfo da takardar shaidar adireshi, na sa hannu a gabansa, ya ɗaure shafukan da zare ya manna jan hatimi. Daga nan aka tura ofishin tabbatar da takardu na ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya suka liƙa afostil, sannan aka kai ofishin jakadancin Najeriya a Landan suka buga nasu. Tambari uku. Da na kawo, lauyana ya ce da na notarin kaɗai ma doka ta gamsu. Na ji haushin kuɗina wallahi.

Barista Na-Kabuga:
Hajiya, lauyanki ya yi gaskiya ta fuskar kotu, ke kuma ba ki yi asara ba ta fuskar ofis. Dokar Shaida notari kawai ta ce, ba ta ce sai na Najeriya ba. Kai, ko babu notarin ma takardar ba ta ɓaci ba, illa dai in an yi musu sai ka kawo shaidar cewa mai ita ne ya sa hannu, ga shi yana wata ƙasa. Amma ma'aikacin da ke zaune a teburi bai san wani notari a Manchesta ba, tambarin ofishin jakadancinmu ya sani. Wani ofishin ma sai ya ce a kai ma'aikatar harkokin waje a Abuja su ƙara nasu. Shi ya sa na ce a tambayi mai karɓa tun farko.

Ɗan Maraɗi:
Mu a wajenmu furokirasiyo muke ce mata. In mutum yana cikin ƙasa sai ya je mari, wato ofishin magajin gari, a tabbatar da sa hannunsa, in yana waje ya je ambasad, wato ofishin jakadanci. Amma in gida ne mai cikakkar takarda, ta hannun noter, notarinku ke nan, ake bi, shi ma yakan ce a kawo irin wadda yake so. Kusan tafiyar ɗaya ce. Ina da tambaya ni ma: ɗan'uwana yana Libiya, babu hanyar zuwa ambasad daga inda yake, yaya zai yi?

Ummu Sudais:
Ni ma tambaya gare ni tunda ana maganar wakilci. Ƙanwata za a ɗaura wa aure watan gobe, angon yana Malesiya. Shi ma sai ya je ofishin jakadanci ya yi wannan takardar kafin wakilinsa ya karɓa masa?

Malam Habu Mai Almajirai:
A'a Hajiya, wannan daban. Wakilin ango a ɗaurin aure da baki ma ya isa, in an tabbatar shi ya wakilta, ga waliyyi ga shaidu ga sadaki. Kullum ana ɗaurawa ango ba ya wurin. Allah ya sanya alheri.

Barista Na-Kabuga:
Ɗan Maraɗi, dokar Nijar ba fagena ba ce, noter ɗin da zai yi cinikin shi zai faɗa muku abin da zai karɓa. A ɓangaren Najeriya akwai sabon abu: Dokar Notari ta 2023 ta ba notarin da ya yi rajistar hakan damar tabbatar da takarda ta bidiyo, mai sa hannu yana wata ƙasa, da sa hannu da hatimi na na'ura. A doka ƙofa ta buɗe.

Lauya Zainab:
Barista, bari in shigo a nan, don kar mutane su ɗauka an gama. Doka ta ba da dama, amma ni na kai irin wannan wani ofishin ƙasa, ba a Kano ba, jami'in ya juya takardar gaba da baya, ya shafa da yatsa yana neman tudun hatimi, ya ce shi tawada yake so ya gani. Mako 5 muka ɓata, ƙarshe sai da aka sake ta hannu aka aiko. Don karɓar haya ko bin wata takarda zan iya gwada ta bidiyo. Don sayar da fili, tukuna.

Kuma akwai abin da ba ka taɓo ba. Abban Khalifa ya ce Turancinsa bai kai ba. In haka ne a sa bayanin nan na ƙarshe da ke nuna an karanta masa, an fassara masa da Hausa, ya nuna ya fahimta kafin ya sa hannu, mai fassarar ya rubuta sunansa da adireshinsa ya sa hannu. Dokar kare wanda bai iya karatu ba ta tanadi haka, kuma mutum yana iya zama malami a Larabci da ajami amma a ce bai iya harshen da aka rubuta takardar da shi ba. Lauyan mai saye mai wayo shi da kansa zai nema, don kar gobe a ce ba a san abin da aka sa wa hannu ba.

Barista Na-Kabuga:
Na karɓi gyara, ranki ya daɗe. Wannan na fassara na manta shi ne shaf.

Abban Khalifa:
Ina rubutawa duk. To in an buga tambari, in ɗauki hoto in tura?

Lauya Zainab:
Hoto don su gani ne kawai. Ta asali za ka aika, ta kamfanin aika saƙo mai lambar bibiya ko hannun wanda ka yarda da shi, ka riƙe kwafi ɗaya na asali a wajenka. Ka aika wa lauyanka, ba ƙanenka ba. In ta iso akwai aiki biyu. Na farko a biya mata harajin tambari, tunda tsakanin mutum da mutum ne hukumar haraji ta jiha ke karɓa, kuma kar a ajiye ta a durowa, a yi cikin kwana 30 da isowarta don gudun tara. Na biyu a yi mata rajista a ofishin ƙasa, tunda ta shafi fili. Rajistar nan ita ce za ta sa duk wanda ya je bincike a fayil ɗin filinka ya ga wane ne wakili da iyakar ikonsa.

Sarkin Dillalan Gwale:
Kun ga irinta ko. Kafin a gama wannan zagaye mai saye ya tafi ya sayi wani. Kuɗi ba ya jira.

Maman Ilham:
Gara ya tafi.

Lauya Zainab:
Ba sai ya tafi ba. Ya ba da kafin alƙalami a asusun Abban Khalifa, a rubuta cewa za a cika in takarda ta iso. Mako 3 zuwa 4 ne in an tsaya a kai.

Barista, wa'adin da ka ce a sa, nawa kake nufi?

Barista Na-Kabuga:
Wata 6.

Lauya Zainab:
Ya yi kaɗan. Amincewar gwamna tana iya wuce haka, in wa'adi ya ƙare ana tsakiyar bi, sai ya sake komawa ofishin jakadanci. Ni shekara zan sa. Kuma da ni ce lauyar mai saye zan nemi a rubuta cewa ba za a soke ta ba a cikin wannan shekarar. Dokar Ingila ta 1882 da jihohin Arewa da dama suka gada ta yarda da haka in wa'adin bai wuce shekara ɗaya ba, ko ba a biya komai ba. Amfaninsa, wakilci yana faɗuwa ne da mutuwar wanda ya bayar ko taɓuwar hankalinsa. Allah ya ba Abban Khalifa tsawon rai, amma in ta Allah ta kasance bayan an biya kuɗi kafin a gama takardu, mai saye zai koma bin magada ɗaya ɗaya. Wannan sharaɗin shi ke kare shi.

Barista Na-Kabuga:
Ta fuskar mai saye kin yi daidai. Ni kuwa mai sayarwa nake kallo. In ya ɗaure hannunsa shekara guda, cinikin nan ya watse a wata na biyu fa? Sai dai in za a ambaci sunan wannan mai sayen a cikin takardar, a ce shi kaɗai za a sayar wa. A haka zan yarda.

Lauya Zainab:
In ya watse kuma sai a sake sabuwa don sabon mai saye, wata tafiyar, wani kuɗin. Kowanne da tsadarsa. Shi zai zaɓa.

Malam Habu Mai Almajirai:
Nan kam ina da tsayawa. A wajenmu mutum na cikawa dukiya ta zama ta magada, wakili ya tuɓu. Saɓanin da malamai suka yi a kan abin da ya aikata ne kafin labarin mutuwar ya iso masa. Amma a ce ya sani kuma ya ci gaba da sa hannu da sunan mamaci, wannan sai na sake bincike. In an riga an ƙulla ciniki an karɓi kuɗi da ran mai shi, fili ya fita daga gado, saura cika takarda, wannan da sauƙi.

Baban Amira:
Wannan ya taɓo ni. Mahaifinmu ya rasu, mu 11 ne, babban yayanmu yana Amurka. Ya aiko da wakilci daga ofishin jakadanci na Atlanta cewa in sayar da gidan. Dillali ya ce ya isa tunda shi ne babba.

Barista Na-Kabuga:
Bai isa ba. Mutum ba ya wakilta abin da shi kansa ba shi da iko a kai. Takardar yayanku kasonsa kaɗai ta shafa. Ku je kotun shari'a a tabbatar da magada a yi rabo, ko duk ku amince a rubuce a sayar. Amfanin takardarsa shi ne ka tsaya a madadinsa a wannan zaman, in an rubuta hakan a ciki. Duba ka gani ko ta ambaci tsayawa a kotu da karɓar kaso.

Baban Amira:
Na duba. Sayarwa kawai ta ce.

Maman Ilham:
Barista, mu tamu tsohuwar takardar har yanzu tana hannun yayan. Yaga ta ya isa?

Barista Na-Kabuga:
Ku karɓo ta, amma yagawa ba ta isa ba, don akwai kwafi a duniya. Maigidanki ya sa a rubuta takardar sokewa, a ba yayan a hannu ya sa hannu ya karɓa, a yi mata rajista a duk inda aka yi wa ta farko, a sanar da banki ko duk wanda aka taɓa nuna wa, a buga a jarida. Wanda ya yi ciniki da wakili bai san an tuɓe shi ba, doka takan kare shi, don haka sanarwar ita ce aikin. Ku yi a makon nan.

Abban Khalifa:
Na dawo da labari. Na yi magana da ƙanena yadda Malam ya ce, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce shi ma ya fi son kuɗin kar ya bi ta hannunsa. Alhamdu lillahi. Lauya ya rubuta sabuwa shafi 4, mun tsaya a shekara ɗaya da sunan mai saye a ciki. Sai dai wata ta taso. A shaidar mallaka sunana na farko da na mahaifina ne kawai, a fasfo kuwa an ƙara sunan garinmu a ƙarshe, kuma Muhammad ɗin ma rubutun ya bambanta, ɗaya da u ɗaya da o. Lauyan mai saye ya ce ba zai karɓa haka ba.

Lauya Zainab:
Yana da gaskiya, kuma gara da ya gani yanzu. A rubuta sunan fasfo a takardar, a bi shi da cewa kai ne kuma aka sani da sunan da ke shaidar mallaka, harafi da harafi. Sannan a haɗa da takardar rantsuwa cewa sunayen biyu mutum ɗaya ne, ka rantse a gaban jami'in a zama ɗaya. Ka tambaye su a waya ko suna yin rantsuwar a ranar, kar ka yi tafiya biyu.

Abban Khalifa:
Na kira ɗazu ba a ɗauka ba, gobe da safe zan leƙa da kaina kafin in wuce aiki.